Buɗaɗɗiyar Wasiƙar Ajiye Aiki Zuwa ga Shugaban Hukumar Asibitocin Jiharmu

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa na ajiye aikina na jinya a ɗakin haihuwa na babban asibitinmu, kuma wannan takarda ita ce sanarwar wata guda. Na fito da ita fili ne domin takardun da na bi da su ta hannun shugabar ma'aikatan jinya sun shiga ofishinku ba su fito ba.

Na samu gurbin digirin jinya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda mai rajistar jinya kan fara daga aji biyu ta yi shekara huɗu. Na nemi hutun karatu, na haɗa da takardar tabbatar da ni a aiki da ta shiga jami'a, na kuma amince in sa hannu a yarjejeniyar dawowa in yi wa jiha aiki bayan na gama. Da shiru ya yi yawa, na ce a ba ni hutun ko da babu albashi. Amsar da na samu, ita ma da baki, ita ce babu wadda za ta maye gurbina. Jami'a ta ɗage mini gurbin zuwa shekara mai zuwa, shekarar ta zo, fayil ɗin yana nan inda yake.

Ka tuna, ranka ya daɗe, kai ne ka tsaya a gabanmu ranar bikin makon ma'aikatan jinya ka ce ba za a sake tare wa kowa hanyar ƙaro ilimi ba. Mun tafa sosai. Ka kuma fi ni sanin cewa wadda ba ta da digiri ba ta kaiwa matakin darakta, komai daɗewarta a bakin aiki.

Ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, ni ce shaida. Na sha kwana ni kaɗai a aikin dare, ina ɗaura wa mai jijjiga ruwa, wata tana naƙuda a gadon gefe, wata kuma jini ya ɓalle mata. Amma da kun sake ni da yarjejeniya, da kun yi rashina na shekara huɗu na dawo muku da digiri. Yanzu gurbin da aka ji tsoro ya samu, kuma babu takardar da ta ɗaure ni in dawo. Wa wannan lissafi ya amfana?

Batun kuɗin aikin dare da ƙarin girman da ya maƙale, na bar su.

Kafin wa'adin ya cika zan miƙa makullin akwatin magungunan da ake tsarewa, da rajistarsu, da jadawalin aiki ga shugabar sashe. Roƙona ɗaya ne: akwai fayilolin abokan aikina masu neman irin wannan hutu a ofishinka, ka sa a ba su amsa a rubuce kafin jami'o'i su rufe rajista.

Wassalam.

Ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma,
Ɗakin haihuwa.