Sanarwa Kan Godiyar Gyaran Rijiya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka.

Kun san mun yi shawarar gode wa Alhaji da ya gyara mana rijiyar burtsatse ta unguwa. Saƙon ɗaya ne, amma wuri uku zai je, kowane da irin rigarsa.

Wasiƙar da za a kai masa gida ita ce mai nauyi: kwanan wata, adireshi, cikakken sunansa da sarautarsa, "Ranka ya daɗe", sannan a faɗi aikin dalla-dalla, har da famfon da aka sauya. Shugaba da sakatare su sa hannu, a buga hatimi.

Na wannan rukuni kuwa layi uku ya isa, da addu'a. Don Allah kada a cika shi da hotunan furanni.

Na allon sanarwa a ƙofar masallaci shi ne mai tarko, domin kowa zai karanta. Manyan haruffa, boko da ajami, kuma kada a rubuta kuɗin da ya kashe. Suna ma sai an tambaye shi, wani ya fi son sadakarsa a ɓoye.

Kowa ya turo gyaransa kafin La'asar ranar Alhamis. Za mu zauna Asabar bayan Isha'i a Mabera.

Allah ya bar zumunci.

Sakatarenku