Inshorar Lafiya Ba Ta Bin Ma'aikaci Gida Da Kanta Ranar Ritaya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin ma'aikatan da ritayarsu ta kusanto. Mutum zai yi shekaru yana lissafin fansho da giratuti, amma katin inshorar da ke aljihunsa bai taɓa tambayar makomarsa ba, sai ranar da ya miƙa shi a asibiti aka ce masa babu sunansa.

Tushen matsalar shi ne inshorar da ake samu ta wurin aiki a ɗaure take da takardar albashi. Duk wata ana cire kason ma'aikaci, ma'aikata ta ɗora nata, ta aika wa mai inshora tare da jerin sunaye. Watan da aka cire sunan mutum daga jerin masu albashi, kuɗinsa ya daina tafiya. Wasu tsare-tsaren suna rufe shi ranar da ya ajiye aiki, wasu sai ƙarshen watan. Kuma ba shi kaɗai abin ke shafa ba, domin mata da 'ya'yan da aka yi wa rajista a ƙarƙashin sunansa tare suke faɗuwa.

To ana iya ci gaba? A wurare da dama ana iyawa, amma da sharaɗi, kuma kuɗin ba ya zama yadda aka saba. Bari mu buga lissafi da misali. A ce albashin ma'aikaci 100,000 ne a wata, ko da wane irin kuɗi ne, ana cire masa 5,000, ma'aikata tana ƙara 10,000. Shi a ganinsa inshorarsa 5,000 ce, alhali farashinta na gaskiya 15,000 ne. Ya yi ritaya, fanshonsa ya tsaya a 60,000. Idan tsarin ya ce ya ci gaba amma ya ɗauki kason ma'aikata, zai riƙa biyan 15,000, wato kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke shigo masa, bayan a da kashi 5 cikin 100 kawai yake bayarwa. Kuɗin ya ninka sau uku a daidai lokacin da samu ya ragu. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai shirin ritaya ya yi wa ofishin kula da ma'aikata ita ce: nawa ake biya a kaina gaba ɗaya, kuma wa zai ɗauki kasonku idan na tafi?

Amsar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Jamus, ɗan fansho da ke cikin inshorar gwamnati ba ya kai kuɗi da hannu. Ana lissafin kashi 14.6 cikin 100 na fansho, da wani ɗan ƙari da kowane asusun inshorar lafiya ke sawa, asusun fansho ya ɗauki rabi, a cire ɗaya rabin kafin kuɗin ya iso gare shi. Amma shiga wannan rukuni sai wanda ya shafe kashi tara cikin goma na rabin ƙarshe na shekarun aikinsa a inshorar gwamnati. Wanda ya fara aiki yana ɗan 25 ya nemi fansho yana 65, rabin ƙarshen shekara 20 ke nan, sai ya kasance ya yi 18 daga ciki. A Japan kuwa, wanda ya bar aiki yana iya riƙe inshorar wurin aikinsa har shekara biyu, shi zai biya duka, kuma dole ya nema cikin kwana 20. A Amurka doka ta bai wa wanda ya bar aiki a ma'aikata mai mutum 20 zuwa sama kwana 60 ya yanke shawara, ya ci gaba har wata 18, ana iya cajarsa cikakken kuɗin da ƙarin kashi 2 cikin 100. Abin lura a nan shi ne wa'adin nema gajere ne, kuma yana fara ƙirguwa ne tun mutum yana tsakiyar hidimar sallama da takardun fansho.

A ganina hanyar cirewa daga fansho ta fi kowace aminci, domin dattijo ba zai manta ba, ba kuma zai karkatar da kuɗin zuwa wata buƙata ba. Sai dai tana da rami guda da ba a cika faɗa ba. Ba a cire kuɗi daga fanshon da bai fara zuwa ba. Idan albashin ƙarshe ya shiga a watan Maris, fansho na farko bai zo ba sai Agusta, wata huɗu ke nan a tsakani babu wanda ya biya komai. Ɗan ritaya yana zaune da tunanin ya sa hannu a takardar cirewa, mai inshora kuma ya riga ya dakatar da shi tun da lokacin sassaucin da ake ba wanda ya makara biya ya wuce.

Wannan giɓi ba ƙaramin abu ba ne, musamman a inshorar kamfanoni masu zaman kansu inda doka ba ta hana su tantancewa ba. Wanda rajistarsa ta yanke, idan ya dawo ana iya ɗaukarsa sabon shiga. Za a sa masa farashi gwargwadon shekarunsa na yanzu, a sa masa lokacin jira kafin a biya manyan ayyuka irin tiyata, sannan hawan jini ko ciwon suga da aka daɗe ana ba shi maganinsu su koma “ciwon da ya zo da shi”, wanda za a iya cirewa daga abin da inshorar ke ɗauka. Mutumin da ya yi shekara talatin yana biya lokacin da yake da ƙoshin lafiya, ya rasa gatan a wata huɗu. Wannan abin takaici ne, kuma ana iya kauce masa.

Wata shida kafin ritaya, ma'aikaci ya nemi a rubuta masa ranar da inshorarsa za ta ƙare, da wa'adin neman ci gaba. Magana ta baki ba ta isa hujja ba. Ya tambayi mai inshorar kai tsaye ko zai iya biyan watannin tsakani da hannunsa, ya ware kuɗinsu tun yana karɓar albashi: a misalinmu na sama, 15,000 sau huɗu, 60,000 ke nan, kuma gara ya tanadi na wata shida ko da fansho zai yi jinkiri. Ya adana rasidi. Ya kuma duba ko sabon tsarin ya haɗa da matarsa, domin wasu suna ɗaukar ɗan fansho shi kaɗai, a biya wa mata daban. Idan fansho ya fara zuwa, ya dubi takardar biyan ya ga layin cire kuɗin inshora, sannan ya tabbatar daga mai inshora cewa kuɗin yana isa, don cirewa daban, aikawa daban.

Ina kira ga hukumomin fansho da na inshora su riƙa aika wa ma'aikaci sanarwa a rubuce kafin ranar sallamarsa, su kuma bar rajistarsa a buɗe har fansho na farko ya shigo, a cire bashin watannin daga ariyas ɗinsa. Kuɗin dai na nan tafe, babu dalilin korar dattijo daga layin ganin likita saboda jinkirin da ba shi ya jawo ba.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani mai karatu