Ma'aikaci na da haƙƙin ganin dosiyensa, kada ya jira ranar sallama

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da ma'aikatan kamfanoni da ƙungiyoyi da makarantu masu zaman kansu na nan Maradi. Na yi shekaru ina riƙe da takardun ma'aikata kafin in yi ritaya, kuma abin da na lura shi ne, yawancin mutane ba su taɓa ganin cikin dosiyen da ke ɗauke da sunansu ba. Wasu ma gani suke neman ganinsa rashin kunya ne ga maigida.

Alhali doka ce ta ba su wannan dama. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, aka maye gurbinta da doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022, kuma akwai hukumar HAPDP a Yamai mai sa ido kan aiki da ita. Duk wanda aka tara bayanansa yana da ikon ya san abin da aka rubuta a kansa, ya kuma sa a gyara inda aka yi kuskure. Dosiyen takarda da ke cikin kabad ya shiga ciki, ba sai na kwamfuta ba.

Ga abin da ya faru da wani ɗan ƙanena, mai tsaron sito a wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba. Ya kama aiki a watan Maris 2016, amma sai a Maris 2019 aka yi masa kwantiragi a rubuce. Da ya roƙi sakatare da baki ya nuna masa dosiyensa, sai sakataren ya ce masa: "Kai yaro, dosiye na kamfani ne, me kake nema a ciki?" Na ce ya bar maganar baki. Ya rubuta wa shugaban kamfanin takarda da kwanan wata, ya faɗi cikakken sunansa da lambarsa ta aiki, ya ce yana neman ganin bayanansa da kwafinsu bisa wannan doka, ya haɗa da fotokofin katin ɗan ƙasa. Kwafi biyu ya kai, aka buga hatimi a ɗaya ya riƙe, domin ita ce shaidarsa in magana ta yi nisa.

Da aka buɗe dosiyen, ranar kama aiki 2019 aka rubuta. Wata 36 ke nan sun bi ruwa, kuma da shekarun aiki ake lissafa kuɗin sallama, da watannin da aka zuba wa mutum kuɗi a CNSS ake duba fansho. Abin da ya cece shi tsofaffin takardun albashi ne da littafin shiga da fitar kaya mai ɗauke da sa hannunsa tun 2016. Da su ya sake rubuta takardar neman gyara, aka gyara ranar. Batun kuɗin CNSS na waɗancan watanni kuwa sai da ya kai gaban sufeton ƙwadago. Da sai ranar sallama ya gano, lokacin da zukata suka ɓaci kuma littafin yana hannun kamfani, da ya sha wahala.

Amma haƙƙin yana da iyaka. Takardar gargaɗin da aka ba ka kan laifin da ka aikata ba za a cire ta don ranka bai so ba. Abin da za ka nema shi ne a ajiye amsar da ka bayar kusa da ita. Haka kuma ba ka da hurumin leƙa albashi ko dosiyen abokin aikinka.

Su kuma masu ɗaukar ma'aikata, akwai nauyi a kansu. Dosiye wurinsa kabad mai makulli, a san wa ke riƙe da makullin. Ɗaukar hoton jerin albashi a tura cikin gurup na Watsap, wanda ya zama ruwan dare a garin nan, tona asirin mutane ne. Takardar likita ta fi komai tsanani: maigida yana buƙatar sanin kwana nawa likita ya ba ma'aikaci hutu da ko zai iya aikin, sunan ciwon kuwa sirri ne tsakanin mara lafiya da likitansa. Tsofaffin takardu ma a ƙone su ko a yayyaga, don na taɓa sayen ƙosai aka ƙunsa mini a fotokofin takardar haihuwar wani.

Wanda aka hana ganin dosiyensa bayan ya nema a rubuce, yana iya kai koke gaban HAPDP, ya haɗa da kwafin nan mai hatimi. Malam Edita, da za ku gayyato jami'in hukumar da sufeton ƙwadago na jihar Maradi su yi wa ma'aikata bayanin yadda ake shigar da koken daga nan ba sai an je Yamai ba, da kun taimaka.

Na gode.

Wani tsohon jami'in kula da ma'aikata,
Unguwar Zariya, Maradi