Ga Malamin da ya ce zaman Ikko ya busar mini da Hausa

"Hajiya, na karanta labarinki. Shafi uku 'yan'uwa biyu suna faɗa a kan shara da ledar magani, babu wadda ta ce ranta ya ɓaci, babu wadda ta ce tana kewar uwarta, babu wadda ta nuna tana son 'yar'uwarta, ko karin magana ɗaya babu. Ta ina mai karatu zai san abin da ke zukatansu? Ko dai zaman Ikko ne ya busar miki da Hausa har kika rasa kalmomin?"

Assalamu alaikum, Malam.

Na gode da ka tashi a gaban jama'a, a taronmu na marubuta a Agege, ka ɗauki lasifika don ka tambayi lafiyar Hausata. Da ka ja ni gefe bayan an tashi, da na ba ka amsa a tsaye cikin minti biyar. Amma na lura littattafanka na jere a kan tebur a bakin ƙofa, kuma mai haja ba ya ƙin a waiwayo a dube shi. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a nan zan amsa.

Kalmomin ba su ɓace mini ba. Na rubuta su, na kuma goge da hannuna. A rubutun farko Rabi ta dubi ƙanwarta ta ce, "Hadiza, raina ya ɓaci da ke, domin kin bar ni ni kaɗai ina jinyar mahaifiyarmu wata bakwai, ke kina Kano a gidan mijinki." Hadiza ta amsa da cewa ita ma zuciyarta cike take da nadama. Na karanta wa kaina da ƙarfi, sai kunya ta kama ni. Wace yaya ce take gaya wa ƙanwarta cewa uwarsu ɗaya, ko ta sanar da ita garin da take aure? Duk sun san wannan. Ni ce na ari bakin Rabi ina yi wa mai karatu bayani, kuma ko yaro zai ji cewa muryar ba tata ba ce. Ga wani abu kuma: da zarar ɗaya ta faɗi ɓacin ranta ɗayar ta faɗi nadamarta, faɗa ya ƙare a layi biyu, sai a rungume juna. Ko ka taɓa ganin rigimar 'yan gida ɗaya ta mutu da wannan sauƙi, Malam?

Ga abin da na mayar a wurin, tunda alama ta nuna ka bi ta kansa da gudu. Inna ta rasu ranar Laraba, an yi mata sutura kafin magariba kamar yadda aka saba. Hadiza ta kwana a mota daga Kano, ta iso ta tarar an gama.

Rabi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wa ya share ɗakin nan?"

"Ni ce, Yaya. Na ga masu gaisuwa na shigowa."

"Akwai wata baƙar leda a ƙarƙashin gado."

"Ta kwalayen magani? Na zubar. Ai babu komai a ciki."

"Babu komai."

"Fanko ne duka."

"To, sannu da aiki. Daga saukowa mota sai tsintsiya. An gode, Allah ya saka."

"Yaya, da kin ce a bar ta..."

"A'a, ai kin fi ni sanin abin da ya kamata a bari a ɗakin Inna."

Hadiza ta jingine tsintsiyar. "Kuɗin da na turo shekaranjiya sun shigo kuwa?"

"Sun shigo. Suna nan, ba a taɓa ba. Ki ba ni lambar asusunki."

"Na Inna ne."

"Inna ta gode."

"Ranar Litinin sau huɗu na kira ki, Rabi. Da kika ɗauka cewa kika yi da sauƙi."

"To me ake cewa?"

Hadiza ta ja mayafinta.

"Ina za ki?"

"Bola."

"Masu baro sun kwashe tun safe. Zauna ki ci abinci, tun da kika zo ban ga kin sa komai a bakinki ba."

Yanzu dubi godiyar Rabi. "An gode, Allah ya saka" magana ce da ake yi wa maƙwabciya da ta leƙo ta taya aiki. Ba a gode wa 'ya don ta share ɗakin uwarta. Da wannan godiya Rabi ta fitar da Hadiza daga cikin 'yan gida ta zaunar da ita a tabarmar baƙi, ba tare da ta ɗaga murya ba. Duk wadda aka taɓa yi wa irin wannan sannu ta san zafinta, kuma ba ta da bakin kai ƙara, domin in ta ce an ci mata fuska za a tambaye ta, godiyar ce laifi? Shi ya sa gatse ya fi zagi amfani a hannun marubuci. In an zage ka kana da abin ramawa. In an gode maka da gatse, me za ka rama?

Hadiza kuwa ba ta da yadda za ta kare kanta a kan ledar, sai ta gudu zuwa kuɗi. Ba wanda ya tambaye ta batun kuɗi. Ita ta ɗauko, domin shi ne kawai shaidarta cewa ba ta yi watsi da uwarta ba. Mai laifi a zuciya haka yake yi, yana amsa tuhumar da ba a furta ba tukuna. Rabi ta gane, shi ya sa ta nemi lambar asusu.

Wurin da na fi daɗewa a kai kalma ɗaya ce. Sau biyu Hadiza ta ce "Yaya", a karo na uku ta ce "Rabi". Kai da kake malamin harshe ba sai na gaya maka nauyin ƙanwa ta kira yayarta da sunan yanka ba, a gidan da ba a saba ba. Da na rubuta "Hadiza ta fusata ƙwarai", da na ba mai karatu labari ne kawai. Da ta jefar da "Yaya", shi da kansa gabansa ke faɗuwa. Amma wannan ba ya aiki sai an fara kafa girmamawar. In tun farkon labari da suna take kiranta, babu abin da zai faɗi a ƙasa a ji ƙararsa. Kuma sau ɗaya ake yinsa, in aka maimaita ya zama rashin kunya kawai.

A nan ne ma ake gane cewa Hadiza ma tana da nata ciwon. An ce mata da sauƙi, sai ta zauna, har ta rasa ganin uwarta. Amsar Rabi, "To me ake cewa?", gaskiya ce tsantsa, domin Bahaushe ko mara lafiyarsa na kan gargara da sauƙi yake cewa. Amma mai karatu zai tsaya yana tambayar kansa: al'ada ce ta sa Rabi ta faɗi haka, ko wani lungu na zuciyarta ne bai so Hadiza ta iso a kan lokaci ta samu rabon ladan jinya a kwana biyu? Ni ban yanke hukunci ba, kuma ina jin Rabi kanta ba ta sani ba. In na sa ta faɗi abin da ke ranta, dole in zaɓi ɗaya in kashe ɗaya.

Zan ba ka gaskiyarka a wuri guda, don kada a ce na ƙi ji. Irin wannan rubutu yana iya rufewa har ya zama duhu, kuma ya taɓa faruwa da wannan labarin. Na ba wata ƙawata mai sayar da kayan miya a Mil Sha Biyu ta karanta, na tambaye ta wa aka ɓata wa, kuma da me. Ta ce ita dai ta ga Rabi masifaffiya ce mai faɗa a kan shara. Nan na san laifina ne, domin ledar ba ta da nauyi a wurinta. Sai na koma shafin farko na ƙara layi uku: Rabi zaune a bakin gado da fitilar waya, an ɗauke wuta, tana rubuta lokacin shan kowane magani a bayan kwalinsa da biro, in ya ƙare ta jefa a ledar. Da ƙawata ta sake karantawa, tana kaiwa "Babu komai" ta ajiye takardar ta ce, "Wayyo, wata bakwai ɗinta ne aka zubar." Abin da ba a faɗa a baki ba sai an ajiye shi a wani wuri tun da wuri, a kaya ko a aikin hannu, inda ido ya riga ya gani. Layukan nan uku suna cikin bugun da ka karanta, Malam, a sakin layi na biyu. Ban ce ka tsallake ba.

Batun karin magana kuwa, mace mai shekara talatin da ta kwana uku ba barci ba ta tsayawa neman azanci. Kakarsu tana cikin labarin, ita na bar wa.

Saura maganar Ikko, wadda ita ce ta hana ni barci ranar. Kakana goro ne ya kawo shi Agege, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka yanke mini cibiya. Hausawa na zaune a garin nan suna aure suna haihuwa suna binne matattunsu tun kafin a haifi wanda ya koya maka baƙi da wasali. Duk da haka, kowane baƙo ya sauko daga arewa sai ya kasa kunne ya ji ko bakinmu ya karye. In yaranmu suka sa kalmar Yarbanci a zance, a ce Hausa ta lalace a kurmi. In yaran Kano suka cika zance da Turanci, a ce zamani ne. Mu ake kira mu tara kuɗin taro, mu biya wa baƙi masauki, mu cika kujeru mu sayi littafi, amma in muka rubuta namu sai a duba shi kamar jarrabawar 'yan firamare. Da a Zariya aka buga labarin nan da sunan wani mai digiri, ina kyautata zaton da "hikima" za ka kira shirun da ke cikinsa.

Ka ce babu wadda ta nuna tana son 'yar'uwarta. Ka koma layin ƙarshe. Gidan cike da masu gaisuwa, Rabi ce ke karɓar kowa, ita ke rabon abinci, kuma tana cikin fushi. A cikin wannan hali, yaya aka yi ta san Hadiza ba ta ci komai ba tun isowarta?

Na bar maka kwafi ɗaya a wurin mai shagon littattafai na bakin masallaci, kyauta. Na ja layi da jan biro a ƙarƙashin sakin layi na biyu. A gaida mutan gida.

Wassalam,
'Yar Agege