Hayaƙin kamina ya hana mu barci: in kai takardar mahaliyya ko in dakata?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka na wannan shiri, ina rubuto maka ne daga wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Bahar Azrak a ƙasar Sudan, tsakanin Wad Madani da Sinnar, inda kakanninmu suka zauna tun zamanin da jama'ar Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka iso ƙasar nan bayan yaƙin Burmi na 1903. Ni malamin makarantar firamare ne, ina da mata da 'ya'ya biyar, kuma mahaifiyata tana zaune tare da mu. Akwai takarda da na rubuta zuwa ga hukumar ƙaramar mulkinmu, wadda muke kira mahaliyya, a kan hayaƙin wata kamina da ke kusa da gidana. Yau kwana tara ke nan tana cikin aljihun jallabiyata ban kai ta ba, kuma a kanta nake neman shawararka.

Saboda masu sauraro na ƙasar Hausa, kamina ita ce wurin gasa jan bulo. Idan ruwan kogi ya janye bayan damina, wajen watan Oktoba, sai a haƙi lakar da ya bari a gaɓa, a cuɗa ta da kashin dabbobi wanda ake kira zibala, a buga a akwatin katako, a shanya a rana. Idan bulon ya bushe sai a jera shi ya zama tudu mai kusurwa huɗu, a bar ramuka a ƙasansa don cusa itace, a yaɓe bayansa da laka, sannan a kunna wuta. Ba ta da bututun da zai ɗaga hayaƙi sama, don haka ta kowace kafa yake fita, daidai tsayin rufin ɗakunanmu. Kuma ko an daina cusa itace, zibalar da ke cikin bulon tana ci gaba da ci a hankali, shi ya sa warin yakan yi kwanaki bayan an toshe ramukan.

Ban taso na ga garinmu babu kamina ba, kuma ban taɓa kuka da su ba, domin a can nesa suke, wajen gonaki. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka ƙaru a garin, ga masu gyaran gidajen da suka lalace, sai bulo ya yi daraja. A bana mai wata kamina ya matso da aikinsa zuwa wani fili da ke arewa da unguwarmu. Na auna da ƙafata: taku 190 ne daga inda ake kunna wuta zuwa katangar gidana. Abin da ya sa matsowar ta zama bala'i shi ne iska. A nan ƙasar, daga Nuwamba har zuwa wajen Maris, daga arewa take kaɗawa, wato duk lokacin da ake gashi ita kuma tana ɗauko hayaƙin tana sauke mana. Sai damina ta kusa take juyawa ta taso daga kudu, a lokacin kuwa an daina aikin. Maƙwabtan da ke gabas da filin, ko da yake sun fi ni kusa, ba su cika jin komai ba.

Wani abokina jami'in lafiya ya ce mini kuka da baki ba ya zama hujja, don haka na sayi littafi na fara rubutawa. Cikin makonni bakwai an kunna wuta sau biyar, kuma sau huɗu daga ciki bayan la'asar aka kunna. Na lura cewa da farko hayaƙin fari ne mai kauri, saboda danshin da ya rage a bulon ne yake fita, daga baya ya koma ruwan toka mai yaji a ido. Da rana yakan tashi sama ya watse, amma da zarar dare ya yi sanyi sai ya kwanta a ƙasa kamar hazo, ya cika tsakar gida, ba ya ɗagawa sai hantsi. Abokin nawa ya bayyana mini dalili: a daren hunturu iskar da ke dab da ƙasa takan fi ta samanta sanyi, don haka ba ta tashi, sai ta riƙe hayaƙin a inda mutane suke numfashi. Wannan bayani ya sa na gane cewa lokacin kunna wuta yana da nauyi kusan kamar nisan wurin.

Sau biyu cikin biyar ɗin hayaƙin ya fito baƙi ƙirin da warin roba, ya bar kunkunniya a kan shanya da murfin randa. Washegarin na biyun na bi ta wurin da sassafe, na ga wayoyin ƙarfe a murɗe cikin tokar bakin ramuka, irin waɗanda ke saura idan taya ta ƙone. Itacen bagaruwa ya yi tsada, na sani, kuma ina zaton abin da ya kai su ga haka ke nan. Amma ban ga kowa yana jefa taya da idona ba, kuma zan dawo kan wannan.

'Yata ta uku, mai shekara bakwai, tana da asma. Kafin bana takan yi wata guda ba ta nemi abin shaƙarta ba. A cikin waɗannan makonni bakwai na rubuta dare goma sha ɗaya da ta tashi tana tari, ƙirjinta yana fito, kuma tara daga cikinsu sun faɗo ne a kwanakin da wuta ke ci ko kwana biyun da ke biye. Sau ɗaya sai da muka kai ta asibiti da asuba. Mahaifiyata kuma, wadda ta saba kwana a rumfa a kan gadon igiya, yanzu a ɗaki take kwana da ƙofa a rufe, tana tashi da ciwon kai.

To, ga inda abin ya yi mini wuya, Malam. Mai kaminar ba baƙo ba ne. Ƙanin surukina ne, Kawu nake ce masa, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, kuma shi ya ba ni bulo bashi lokacin da na gina ɗakin mahaifiyata. Mutum goma sha huɗu ne suke ci daga wannan aiki, wasunsu 'yan gudun hijira ne da ba su da wata hanya. Na same shi sau biyu. A karon farko ya ce, “Ɗana, ka yi haƙuri, wata uku ne kawai ya rage.” A karo na biyu na tafi da mai unguwa, ya yi alkawarin zai riƙa kunnawa da safe, ya cika sau ɗaya, sannan aka koma yadda ake. Uzurinsa shi ne ma'aikata sun fi son tsayuwa gaban wuta da dare saboda zafi, kuma ban ce ƙarya yake yi ba.

Takardar da na fara rubutawa cikin fushi na rubuta ta, a daren da muka dawo daga asibiti. Shafi uku ce, na kira shi azzalumi, na nemi a rufe kaminar nan take. Da na huce na karanta sai na yaga ta, domin na ga babu abin da jami'i zai iya bincikawa a cikinta. Ta biyun, wadda ke aljihuna, shafi ɗaya ce da Larabci, zuwa ga babban jami'in zartarwa na mahaliyya, da kwafi ga sashen lafiyar muhalli. Na faɗi inda filin yake da nisansa da gidaje, na jera ranakun da aka kunna wuta da sa'o'insu, na haɗa da takardar asibitin yarinyar, kuma na ambaci Dokar Kare Muhalli ta 2001 da Dokar Lafiyar Muhalli ta 2009 a matsayin abin da nake dogara da shi. Ban nemi a rufe ba. Na roƙi a turo jami'in lafiya ya zo ya gani da idonsa, kuma na nanata cewa ya zo bayan isha ko da asuba a ranar da wuta ke ci, domin wanda ya zo da azahar zai tarar da sama garau ya koma ya rubuta cewa babu komai. Na roƙi a hana ƙona taya da roba da baƙin mai, a sa a riƙa kunna wuta da hantsi, a kuma sanar da unguwa kwana guda kafin a kunna don mu kai yarinyar gidan gwaggonta. A ƙarshe na roƙi kada a bar shi ya sake kafa kamina a wannan fili baɗi, a nuna masa wani wuri kudu da gidaje ko can nesa da su.

Tambayata ta farko a kan maganar tayar ce. Ita ce mafi ƙarfi a takardar, ita ce kuma na fi jin tsoro, domin abin da na gani waya ce a toka da baƙin hayaƙi, ba hannun mutum ba. Na rubuta ta haka: “Na ga alamun da ke nuna ana ƙona taya, ina roƙon a bincika.” Shin wannan ya isa adalci gare shi, ko kuwa in cire ta gaba ɗaya tun da tana iya jawo masa tara ko rufewar da ban nema ba? Idan na cire ta kuma, ina ganin na ɓoye abin da ya fi cutar da yaran unguwa.

Ta biyu, sa hannu. Ban da nawa, gidaje shida ne hayaƙin yake sauka a kansu sosai. Magidanta uku sun ce za su sa hannu, biyu sun ce suna tare da ni amma kada sunansu ya fito, ɗaya kuwa ɗansa yana aiki a wurin. Matata tana ganin in kai ta kwamitin unguwa su shigar da sunansu, don kada a ce ni ne na kai kawunta ƙara. Ni kuma ina tsoron ta kwana a hannunsu har lokacin gashi ya wuce, a manta, baɗi a sake.

Ta uku ita ce ta fi damuna. Limaminmu ya karanta mini hadisin da ke cewa babu cuta babu cutarwa, ya ce ina da haƙƙi, amma ya fi son a sake zaman sulhu na dattawa, irin wanda ake kira judiyya a nan, kafin a je hukuma. Ina girmama wannan hanya, sai dai an riga an gwada irinta an saɓa. Na yi tunanin in ɗauki takardar in kai wa Kawu da kaina, in karanta masa ita a gaban liman da mai unguwa, in ce masa idan an rubuta waɗannan sharuɗɗa ya sa hannu, ba za ta fita daga unguwa ba, idan kuma aka sake saɓawa zan miƙa ta. Ban sani ba ko zai ɗauki wannan a matsayin mutuntawa, ko kuwa zai ji kamar barazana ce daga yaron da ya taɓa taimaka wa.

An riga an fara jera sabon tudu, kuma bisa yadda na saba gani, bai fi kwana goma ba a kunna shi. Ina roƙonka, Malam, idan da hali ka amsa mini a shirin wannan mako, ka faɗa mini wanne zan fara: zaman dattawa da takardar a hannu, ko ofishin mahaliyya.

Allah ya saka da alheri. Wassalam.

Naka mai sauraro,
Wani malamin makaranta daga bakin Bahar Azrak, Sudan