Sanarwa kan Duba Rajistar Zuwa Aiki

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Daga Litinin za mu fara bin rajistar watan jiya kafin a haɗa albashi, muna gwada abin da na'ura ta ɗauka da littafin maigadi.

Wanda katinsa ya shiga sau biyu, kamar 7:58 da 7:59, kada ya damu. Na farkon za mu bari, mu goge ɗayan.

Idan kuma akwai shiga babu fita, na'ura ba ta iya lissafa awannin ranar, sai ta bar gurbin fayau. Wannan ya fi yawa ranar Juma'a, mutum ya tafi masallaci daga nan ya zarce gida. A cike fom ɗin gyara, shugaban sashe ya sa hannu kafin Laraba.

Buga wa wani kati shi ne babbar magana. Idan katuna biyu suna shiga daƙiƙa biyar tsakani kullum, alhali ɗaya daga Rigasa yake zuwa, ɗayan daga Barnawa, za mu duba kyamarar ƙofa. Cunkoson Kawo ba hujja ba ne. Idan ka makara, kira shugabanka kawai.

Na gode.