Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar Hukumar NAFDAC: A Gwada Man Awo Da Gishirin Gwangwani

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a Kano, kuma cikin aikina akwai faɗakar da iyaye mata su riƙa sayen gishiri mai aidin da mai da fulawa masu ƙarin bitamin. Tambayar da suke yi mini ita ce: ta yaya za su gane? Amsarta na hannun hukumarki, shi ya sa na rubuto.

Doka dai tana nan. Tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishiri a Najeriya, daga 2002 kuma aka wajabta ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa, aka ba su tambarin ido don mai saye ya shaida. To amma tambarin a jikin jarka da buhu yake, alhali yawancin matan da nake gani awo suke saye: ludayin mai a ƙulle a leda, gwangwanin gishiri daga buɗaɗɗen daro. Ba su taɓa ganin jarkar da man ya fito ba.

Bari in tsaya kan mai, don shi ya fi damuna. Ƙa'ida ta ce kowane kilo ya ƙunshi IU 20,000 na bitamin A; IU shi ne ma'aunin da ake auna ƙarfin bitamin da shi. Babban cokali ɗaya yana ɗaukar kusan giram 14, wato IU 280 ke nan. Yaro ɗan shekara biyu yana buƙatar kusan IU 1,000 a rana. Idan rabonsa na miya ya kai cokali guda, ya samu fiye da rubu'in buƙatarsa ba tare da uwarsa ta ƙara ko sisi ba. Wannan babban taimako ne ga yaron da ba ya samun ƙwai ko hanta, kuma ƙarancin bitamin ɗin nan ne ke jawo dundumi, yake sa ƙyanda da gudawa su yi wa yaro tsanani.

Sai dai lissafin nan ba ya tabbata sai in bitamin ɗin ya iso tukunya. Hasken rana da iska suna lalata shi, kuma man da ya jima har warinsa ya canza ya fi saurin rasa shi. Ki dubi teburin mai awo a bakin titi: fararen gorunan roba a jere, rana na dukansu tun hantsi har la'asar, gobe ma a sake fito da su. Lalacewar bitamin ɗin ba ta canza launin man, ɗanɗanonsa ma haka, don haka uwa ba ta da hanyar ganewa, ni ma ba ni da ita. Sai na'urar gwaji.

Gishiri ya fi sauƙi. Akwai ɗan ruwan gwaji da ake ɗigawa a kai: in da aidin sai wurin ya koma shuɗi, in babu ya zauna fari. Ba ya faɗin adadi daidai, amma yana tona asirin gishirin da babu komai a cikinsa. Mutane maƙoƙo kawai suka sani, alhali ƙarancin aidin a jikin mai ciki yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun kafin a haife shi.

Fulawa kuwa, gaskiya amfaninta gare mu yana da iyaka. Mai cin burodi da taliya zai samu, amma gidan da ake kai dawa da gero injin niƙa babu abin da ke isa gare shi. Haka man ƙuli na gida: mai ne mai kyau, amma ba a ƙara masa komai ba. Ya kamata tallan rediyo ya riƙa faɗin haka, kada uwa ta ɗauka ta gama, ta bar zogale da karas da manja.

Roƙona shi ne jami'anki su riƙa ɗaukar samfurin gwaji a inda talaka ke saye, daga manyan diloli irin na kasuwar Singa har zuwa teburin unguwa, bayan wanda ake ɗauka a masana'anta. A riƙa bayyana sakamakon a kai a kai da harsunan gida, da sunan kowane kamfani, wanda ya cika ƙa'ida da wanda ya gaza. A wajabta wa mai awo ajiye jarkar asali a inda mai saye zai ga tambari da ranar lalacewa, a kuma koya masa ajiye mai a inuwa, gishiri a rufe. Ruwan gwajin gishiri kuma a raba wa asibitocin unguwa, mu gwada a gaban mata ranar awon ciki, kowace ta zo da na gidanta.

Allah ya taya ki riƙo.

Taki,
Wata ma'aikaciyar lafiya, Kano